Sakan uku da rabi, haruffa 80: me zan cire daga maganar yarinyar nan?

Rukayya_Tarjama:
Assalamu alaikum. An ba ni aikin sanya fassarar Sifaniyanci a ƙasan allo ga wani gajeren fim na Hausa mai tsawon minti 15, wanda masu shi ke son aikawa gasar fina-finai a Sifaniya. Yawancin aikin ya tafi daidai, amma akwai wuri guda da ya tsaya mini. Yarinya ce durƙushe a gaban mahaifinta bayan ya sanar da ita cewa an zo neman aurenta, sai ta ce cikin sauri, kanta a ƙasa: "Baba, ni dai ban ce ba na so ba, amma a ba ni lokaci in gama karatuna." Maganar ta ɗauki sakan uku da rabi, kuma da ta rufe baki da ɗan kaɗan sai hoto ya koma kan fuskar mahaifin, wanda bai ce komai ba. Cikakkiyar fassarar da na yi ita ce:

```
00:04:12,000 --> 00:04:15,500
Papá, yo no he dicho que no quiera,
pero denme tiempo para terminar mis estudios.
```

Idan aka haɗa da sarari da alamomin rubutu, haruffa 80 ne, kuma manhajar Subtitle Edit tana nuna mini cewa saurin ya kusa kai haruffa 23 a sakan guda. Layi na biyu ma ya yi tsawo. Tambayata ita ce, me ya kamata in sadaukar a nan: wani ɓangare na maganar, ko kuwa ƙa'idar saurin karatu?

Nazifi_K:
Wa alaikumus salam. A ganina wannan ba shi da wuya. Abin da yarinyar ke so shi ne ta gama karatu, don haka ki rubuta "Déjeme terminar mis estudios primero" ki wuce. Layi ɗaya ne, haruffa 37, kuma dama dokar Sifaniya ta ce kada layi ya wuce haruffa 37, kada sauri ya wuce 15 a sakan.

Malam_Habu:
Nazifi, alƙalumman da ka kawo gaskiya ne, amma ba a muhallinsu ka ajiye su ba. Haruffa 37 a layi da 15 a sakan suna cikin ma'aunin UNE 153010 na shekarar 2012, wanda aka tsara don rubutun da ake yi wa kurame da masu ƙarancin ji, inda ake rubuta har da ƙarar ƙofa da kiɗa da wanda ke magana. Ba doka ce da ta hau kan duk mai fassara fim ba. Ma'aunin da masu fassara suka fi yawan ambata a yau shi ne na Netflix, wanda a Sifaniyanci ya ba da haruffa 42 a layi, layi biyu, da haruffa 17 a sakan ga shirin manya, 13 ga na yara. Shi ma ƙa'idar kamfani ce, don haka abu na farko da Malama Rukayya za ta yi shi ne ta tambayi masu gasar ko suna da nasu sharaɗin. Idan ba su da shi, 17 wuri ne mai kyau na tsayawa.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Sakan uku da rabi sau 17 ya ba da haruffa 59, wannan shi ne jarin da take da shi, kuma fassararta ta wuce shi da 21. Amma jimlar da ka ba ta ta yi tsimi fiye da kima, ta kuma yar da abin da ya fi komai muhimmanci. Yarinyar ba ta fara da buƙatarta ba, ta fara ne da wanke kanta daga zargin bijirewa. "Ban ce ba na so ba" shi ne abin da ya ba ta damar ta buɗe baki a gaban mahaifinta tun farko. Idan aka cire shi, mai kallo a Madrid zai ga yarinya tana gindaya wa ubanta sharaɗi, alhali mu da muke jin Hausar muna ganin yarinya tana roƙo cikin kunya. An sauya halin mutum ke nan, ba taƙaita magana aka yi ba.

Rukayya_Tarjama:
Na gode, Malam. Abin da ya hana ni ɗaukar gajeriyar hanya ke nan. To idan na bar rabin farko, ina zan samo haruffa 21 ɗin?

Malam_Habu:
Ki fara da abin da Sifaniyanci ba ya bukata. Kalmar "yo" ba dole ba ce, domin aikatau ya riga ya nuna mai magana. "No he dicho que no quiera" kuma yana da ɗan'uwa gajere da masu harshen ke faɗa kullum, wato "No digo que no". Da wannan kaɗai layin farko ya sauko zuwa haruffa 21. A layi na biyu kuma akwai abin da nake so ki duba da kyau. Yarinyar ba ta ce "ka ba ni lokaci" ba, ba ta ce "ku ba ni" ba, cewa ta yi "a ba ni". Ta kauce wa fuskantar mahaifinta da umarni gaba ɗaya. "Denme" da "déjeme" duka umarni ne, ko da na ladabi ne. Ga abin da zan gwada:

```
00:04:12,000 --> 00:04:15,500
No digo que no, papá.
Solo pido terminar mis estudios.
```

Haruffa 53 ne, kimanin 15 a sakan. Ma'anarsa ita ce ba ta ce a'a ba, abin da kawai take roƙo shi ne ta gama karatunta. Ba ta umarci kowa ba, kuma kowane layi jimla ce mai zaman kanta, don haka ido zai ɗauke shi a kallo ɗaya ya koma kan fuskarta.

Abba_Sauti:
Ni a nawa tunanin duk wannan wahalar ba ta taso ba. Me zai hana a samo masu jin Sifaniyanci su ɗora murya, kamar yadda ake yi wa fina-finan Indiya a mayar da su Hausa? Mutanen Sifaniya ai sun saba da kallon fim da muryar harshensu, kuma babu wanda zai tsaya ƙirga haruffa.

Sadiq_Edita:
Abba, gaskiya ne cewa a gidajen sinima da talabijin na Sifaniya ɗora murya ya zama ruwan dare, amma wannan fim gasa za shi. A irin bukukuwan nan, kamar bikin fina-finan Afirka na Tarifa da aka fara a 2004, al'adar ita ce a nuna fim da harshensa na asali tare da rubutu a ƙasa, domin muryar ɗan wasa ɓangare ce ta abin da aka zo gani. Sannan ɗora murya ma yana da nasa ƙirgen, sai dai shi da motsin leɓe ake auna shi. Mu koma kan tambayar da aka yi.

Hajiya_Bilki:
Ina zaune a Sifaniya, kuma na karanta wa wata maƙwabciyata jimlar Malam Habu ba tare da na gaya mata komai game da fim ɗin ba. Ta fahimci cewa yarinya ce ke roƙon mahaifinta, amma sai ta tambaye ni ko uban yana so ya cire ta daga makaranta ne. A nan nake ganin an rasa wani abu. A Hausar, kalmar "lokaci" ita ce ta nuna cewa jinkiri ake nema, wato auren yana nan, a dai ɗaga shi. Idan aka ce tana roƙon ta gama karatu kawai, sai hankali ya tafi kan makaranta, ya bar batun ɗaga aure. Me zai hana a ce "Solo pido tiempo para acabar mis estudios"? Na ƙirga, haruffa 42 ne cif, bai wuce layi ba.

Malam_Habu:
Hajiya, gyaranki yana da ƙarfi, kuma na yarda cewa "tiempo" ya fi kusa da abin da aka faɗa. Abin da zan ce kawai shi ne maƙwabciyarki ta ji jimlar ita kaɗai, shi kuwa mai kallo ya riga ya karanta maganar mahaifin game da masu neman aure sakan kaɗan kafin nan, don haka ba zai ɓata hanya ba. Amma mu auna taki. Haruffa 21 da 42 sun zama 63, a sakan uku da rabi kuwa wannan 18 ne a sakan. Ya ɗara ma'auni da ɗaya tak. Ba zan kira shi laifi ba, domin jimla ce mai sauƙin kalmomi, amma layin ƙasa ya cika maƙil daga gefe zuwa gefe, kuma wurin da aka fi son mai kallo ya kalli fuska shi ne aka fi cika masa ido da rubutu.

Nazifi_K:
To ai sai a ƙara wa rubutun lokaci. Idan ya zauna sakan huɗu maimakon uku da rabi, 63 ɗin ya sauko ƙasa da 16 a sakan, kowa ya huta.

Sadiq_Edita:
Wannan dabara ce da ake amfani da ita, kuma a mafi yawan wurare ita ce ta farko da ake gwadawa: a bar rubutu ya ɗan jima bayan an gama magana, har zuwa kimanin rabin sakan. Amma ka sake karanta abin da Rukayya ta rubuta a farko. Hoto yana komawa kan mahaifin jim kaɗan bayan yarinyar ta yi shiru. Idan rubutu ya tsallaka wannan yankan, abu biyu ne ke faruwa. Na ɗaya, sauyin hoto yana sa ido ya zaci sabon rubutu ne ya fito, sai ya koma farkon layi ya sake karantawa. Na biyu, maganar yarinya za ta kasance a ƙarƙashin fuskar uba, a daidai lokacin da darakta ya ajiye shiru da gangan. Al'adar aikin ita ce rubutu ya ɓace firam biyu, wato biyu daga cikin jerin hotunan da ke haɗa fim, kafin yankan hoto.

Rukayya, ki duba ainihin firam ɗin da aka yanka. Idan akwai firam huɗu ko biyar tsakanin ƙarshen maganarta da yankan, ki ci su duka ban da biyun ƙarshe. Ki kuma duba farkon, ko akwai numfashi ko motsin baki kafin "Baba" da zai ba ki damar shigar da rubutun da firam ɗaya ko biyu da wuri. Sau da yawa daga irin waɗannan ƴan guntayen ake samo abin da ya rage.

Rukayya_Tarjama:
Na duba. Fim ɗin firam 25 ne a sakan, kuma akwai firam bakwai tsakanin ƙarshen maganar da yankan. Idan na bar biyu, na samu biyar, wato kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Lokacin ya zama sakan 3.7, kuma jimlar Hajiya ta sauko zuwa 17 a sakan daidai. Yanzu duka biyun sun shiga ma'auni, sai dai in zaɓa.

Tunda an taru, akwai wani wuri a farkon wannan fitowar da nake so a duba mini. Gaisuwa ce ta sakan bakwai, magana shida: ina kwana Baba, lafiya lau, an tashi lafiya, lafiya lau alhamdu lillahi, ina gajiya, ba gajiya. Na sanya kowace magana a rubutunta daban, sai na ga allon yana ta ƙyaftawa.

Malam_Habu:
Dole ya ƙyafta, domin kowane rubutu bai fi sakan ɗaya da ɗan kaɗan ba, alhali mafi ƙarancin abin da ake yarda da shi ma kashi biyar cikin shida na sakan ne. Ki haɗa tambaya da amsarta a rubutu guda, kowane mai magana da layinsa, da ƴar karan ɗori a farkon layi. Sai ki samu rubutu uku maimakon shida:

```
-Buenos días, papá.
-Buenos días.

-¿Qué tal la noche?
-Bien, gracias a Dios.
```

Na uku, wato "ina gajiya", kada ki fassara shi kalma da kalma, domin mai karanta Sifaniyanci zai ɗauka cewa uban ya yi wani aiki mai wuya jiya wanda labarin zai dawo kansa. Ko dai ki sa gajeriyar tambayar lafiya irin "¿Todo bien?", ko ki bar wurin ba rubutu, ki ƙyale na biyu ya ɗan daɗe. Ki tuna kuma cewa alamar tambaya ta farko, wadda ake juyawa, ita ma harafi ce a ƙirge.

Ummi_Adabi:
Malam, a nan kam ban bi ka ba wajen barin wurin ba rubutu. Tsawon gaisuwar shi ne saƙon. Yarinyar ta san abin da aka kira ta a kai, shi ya sa take jan gaisuwa, uban kuma yana amsawa a taƙaice. Idan mai kallo ya ga baki yana motsi babu rubutu, zai ji an ɓoye masa wani abu, kuma zai rasa ganin cewa sau uku ta tambaya kafin a shiga magana. Ni zan bar ukun duka, ko da na ukun bai ɗauki ma'anar gajiya ba.

Malam_Habu:
Idan haka fitowar take, to Malama Ummi ta fi ni gaskiya, a bar ukun. Ni na ɗauke ta a matsayin gaisuwar shiga ɗaki kawai. Wanda ya ga fim ɗin ne zai iya yanke wannan.

Hajiya_Bilki:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma zai biyo Rukayya har ƙarshen fim ɗin. Jimlar Malam Habu da tawa duk sun kauce wa zaɓi tsakanin "tú" na sabo da "usted" na girmamawa, amma ba za a yi ta kaucewa na minti 15 ba. A nan Sifaniya ƴaƴan yanzu da "tú" suke yi wa iyayensu magana, kuma idan aka ji "usted" ga uba sai a ji kamar labarin zamanin kakanni ne ko na ƙauye. A wasu sassan Latin Amurka kuwa, kamar Kolombiya, "usted" ga iyaye abu ne na yau da kullum. Ni duk da haka zan zaɓi "usted", domin yarinyar da ta durƙusa ba ta ɗaga kai ba, hoton kansa ya riga ya faɗi irin dangantakar, kuma "tú" zai yi karo da abin da ido ke gani.

Nazifi_K:
Ni kuma ina ganin "usted" zai sa a ɗauka babu shaƙuwa tsakaninsu, alhali a wurinmu ladabi ba ya nufin nisa. Amma dai duk wanda aka zaɓa, a riƙe shi daga farko har ƙarshe. Wani abu kuma, idan an ce "in sha Allahu" a fim ɗin, ki sa "ojalá", tunda asalinta daga Larabci take kuma haruffa biyar ce kacal.

Ummi_Adabi:
Asalin kalmar daga Larabci ne, wannan haka yake, amma a bakin masu harshen yau fata kawai take nufi, irin "da ma a ce". Idan uba ya ce "za a yi bikin bayan Sallah in sha Allahu", ba fata yake yi ba, hukunci ya yanke ya jingina shi ga Allah. "Si Dios quiere" shi ne daidai da wannan, kuma haruffa 14 ne. Idan wuri ya ƙure, gara a rage wani abu a jimlar da a mayar da hukuncin uba ya koma buri.

Sadiq_Edita:
Kafin ki miƙa aikin, abu biyu na fasaha. Ki adana fayil ɗin rubutun, wato SRT, a tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba akwai na'urorin da za su ɓata haruffa masu alama. Yadda za ki gane matsalar ta rashin daidaiton tsari ce shi ne ki ga ñ ta koma Ã± ko é ta koma Ã©. Na biyu ya fi wannan haɗari ga duk lissafin da aka yi a sama. Kin ce fim ɗin firam 25 ne. Idan masu gasar suka nemi kwafin sinima mai firam 24 aka kuma mayar da shi ta hanyar rage gudu, fim mai minti 15 zai ƙaru da kusan sakan 37. Alamar ita ce rubutu ya yi daidai a farko, sannan ya riƙa riga magana fitowa, tazarar tana ƙaruwa har ƙarshe. Subtitle Edit tana iya sauya lokutan gaba ɗaya daga 25 zuwa 24, amma bayan haka sai kin sake bin wuraren yankan hoto da ido, musamman wannan da kika ci firam biyar a cikinsa. Ki tambayi editan fim ɗin wane kwafi ne na ƙarshe tun yanzu.

Rukayya_Tarjama:
Na tambaye shi, ya ce bai samu amsa daga masu gasar ba tukuna, don haka zan ajiye kwafi biyu. Game da gaisuwar, Malama Ummi ta karanci fitowar daidai, yarinyar jan lokaci take yi, don haka na bar rubutu uku. A kan jimlar farko kuwa na gwada duka biyun a babban allo, na kashe sauti, na zauna daga nesa. Da ta Malam Habu na gama karantawa na kuma ga lokacin da yarinyar ta ɗan ɗago ido ta sake sunkuyarwa. Da ta Hajiya ina kan kalmar ƙarshe aka yanka hoton, ban ga wannan ɗagowar ba sam. Amma kuma darakta, da na fassara masa su biyun zuwa Hausa, ya ce shi "lokaci" ya rubuta kuma lokacin yake so a gani, domin a fitowar ƙarshe mahaifin zai dawo da kalmar, ya ce mata "ga lokacin da kika nema".

Malam_Habu:
Wannan bayanin ya sauya lissafin, domin kalmar da za a dawo da ita a gaba ba a cire ta a baya. To ki riƙe "tiempo" ki nemi ragi a wani wurin. "Solo pido tiempo para mis estudios" haruffa 35 ne, jimilla 56 ke nan, kusan 15 a sakan idan kin yi amfani da sakan 3.7 ɗin. Abin da ya fita shi ne "gamawa", kuma ana iya fahimtarsa a matsayin neman lokacin yin karatu kawai, ba na kammala shi ba.

Hajiya_Bilki:
A kunnena wannan ya fi kama da ɗalibar da ke neman a rage mata aikin gida don ta samu ta yi bita. Ni zan tsaya a kan "acabar" ko da layin ya cika. Rukayya, ki nuna wa mutum biyu ko uku masu harshen waɗanda ba su san labarin ba, daga farkon fitowar har yankan, sannan ki tambaye su abin da yarinyar ta nema da kuma ko sun ga ta ɗago ido. Idan kina so, ki turo mini guntun in nuna wa maƙwabciyar tawa da ɗiyarta a ƙarshen mako.